Fakiti ɗaya, lita ɗaya: gane bushewar yaro mai gudawa da haɗa masa ruwan gishiri da sukari

A bazarar da ta wuce, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura awo 40, ƙanwata ta aiko a kira ni bayan la'asar. Ɗanta mai wata goma ya kwana ya wuni yana gudawa. Na tarar da shi kwance a cinyar Goggo, an kwaɓa wani magani an shafa masa a tsakar ka, domin maɗigarsa ta faɗa ta yi ɗan rami. A gefen tabarma akwai kofin roba da farin ruwa a ciki, ga fakitin SRO, wato garin gishiri da sukari da ake haɗa wa mai gudawa, an yage shi, babu sauran gari ko kaɗan. Na tambayi ƙanwata a cikin me ta zuba garin. Ta nuna mini kofin, ta ce, "Yaya, ai ƙaramin yaro ne, ba zai iya shanye lita guda ba, shi ya sa na haɗa masa a nan don ya yi ƙarfi." Allah Ya sa bai sha fiye da cokali uku ba, ɗanɗanon ya hana shi. Na ɗauki kofin na zubar a makwarara.

Ba gangancin uwa ba ne. Ta san sunan maganin, ta aika an sayo, ta ba ɗanta da kyakkyawar niyya. Abin da ba a taɓa zaunar da ita an faɗa mata ba shi ne, wannan magani awonsa shi ne maganin, kuma faɗawar maɗiga ba cutar kai ba ce. Waɗannan abubuwa biyu nake son in warware.

Mu fara da abin da ke faruwa a jikin yaro. Gudawa ita kanta yawanci takan tsaya cikin 'yan kwanaki, ko da ba a ba da wani magani ba. Abin da ke kashe yara shi ne ruwan da ke fita da gishirin da ke bin sa. Jikin jariri ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma ajiyarsa ƙarama ce. Yaro mai kilo 8 idan ya yi asarar ruwa mililita 400, ƙasa da rabin lita ke nan, ya riga ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa, kuma daga nan alamun bushewa ke fara fitowa fili. Idan asarar ta kai mililita 800, kashi 10 ke nan, ya shiga hali mai tsanani, jini ya ragu a jijiya, ƙoda ta daina fitar da fitsari. Babban mutum zai iya rasa wannan ruwan a gona cikin yini guda ya dawo ya sha daga randa ya warware. Yaro mai zawo sau takwas da amai a rana mai zafi zai iya kaiwa can tsakanin asuba da magariba.

Maɗiga wuri ne da ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗuwa ba, yawanci takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi. Idan ruwan jiki ya ragu, sai ta lotsa, kamar yadda salka ke lotsewa in ruwanta ya yi ƙasa. Duk abin da aka shafa a kai ba zai ɗago ta ba. Ruwan da ya shiga ta baki ne ke ɗago ta. Na faɗa wa Goggo haka a ranar, cikin ladabi, ta ce min su haka suka tarar ana yi. Ban yi gardama da ita kan shafin ba, na dai roƙe ta ta bari a ba yaron ruwa yayin da shafin ke kansa. Haka nan maganar zawon haƙori. Gaskiya ne yara kan yi gudawa lokacin fitar haƙori, amma dalilin shi ne a wannan shekarun ne suke rarrafe, suna kai komai baki, ana kuma fara ba su kunu da ruwan randa. Ko ma mene ne sanadin, ruwan da ke fita ɗaya ne, kuma cewa "na haƙori ne" ya sa iyaye da yawa sun zauna jira har rana ta faɗi.

Ma'aikatan lafiya a Kamaru da Chadi, bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, abubuwa huɗu suke dubawa, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar na'ura. Na farko halin yaron. Yaron da ya fara bushewa yakan yi ta rigima, a ɗauke shi kuka, a ajiye shi kuka, ko nono ba ya kwantar da shi na dogon lokaci. Wanda ya wuce wannan matakin sai ya yi laushi, ya yi shiru, ido a lumshe, a kira sunansa ba ya waiwayowa, a tashe shi ya koma. Wannan shirun shi ne ke yaudarar mutane, sai a ce ya samu sauƙi ya yi barci. Barcin lafiya in an taɓa yaro yakan motsa, ya buɗe ido, ya bi fuskar uwarsa da kallo. In bai yi haka ba, ba barci ba ne.

Na biyu ido. Idon yakan zurma, ya koma ciki. Amma akwai yaran da halittarsu ke nan, don haka uwa ce alƙali, ita ta san yadda idon ɗanta yake shekaranjiya. Na uku yadda yake shan ruwa. A miƙa masa ruwa a cokali. In ya kai wawura, ya kama hannun mai ba shi, ya yi kuka da aka janye, to ƙishirwa ce ta bushewa, amma da sauran ƙarfi a jikinsa. In kuwa ruwan ya tsaya a bakinsa yana dalala ta gefe, ko ya kasa kama nono, wannan ya fi muni nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne tsunkulin fatar ciki, kuma shi aka fi yi ba daidai ba. A kwantar da yaro rigingine. A nemi tsakanin cibiya da gefen ciki. A kama fatar tare da naman da ke ƙarƙashinta da babban yatsa da manuniya, ba da farce ba, yadda ninkin zai bi tsawon jiki daga sama zuwa ƙasa. A riƙe daƙiƙa guda a saki. Fatar lafiyayyen yaro nan take take komawa, ba za ka ma ga komawarta ba. In ninkin ya ɗan tsaya ka gan shi kafin ya baje, an fara bushewa. In ya tsaya fiye da daƙiƙa biyu, wato ka ƙirga ɗaya, biyu a hankali yana nan tsaye, bushewar ta yi tsanani.

Ƙa'idar ita ce alama biyu. Rigima, zurmin ido, shan ruwa da wawura, fata mai komawa a hankali: biyu daga cikin waɗannan na nufin bushewa matsakaiciya, wadda ruwan SRO ke gyarawa. Laushi ko suma, zurmin ido, kasa sha, fatar da ta wuce daƙiƙa biyu: biyu daga cikin waɗannan na nufin a ɗauki yaro a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, domin ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata. In yana iya haɗiya a riƙa ɗiga masa SRO a hanya. In ba ya iyawa kada a ɗura masa, zai shaƙe. Sauran abubuwan da uwa ke gani, bushewar baki da harshe, kuka babu hawaye, zanen goyo da ya wuni bai jiƙe da fitsari ba, duk suna ƙara tabbatar da abin da huɗun nan suka nuna.

Akwai yaron da waɗannan alamu ke yin ƙarya a jikinsa, kuma a yankinmu ba kaɗan ba ne: mai tamowa. Yaron da ya rame ƙwarai dama fatarsa a saki take, idonsa a zurme, ko da bai bushe ba. Wanda ƙafafunsa suka kumbura kuma kumburin na iya ɓoye bushewar. Zuciyar irin wannan yaro ba ta jure gishiri da ruwa mai yawa, shi ya sa a cibiyoyin kula da tamowa wani haɗi dabam ake ba su mai ƙarancin gishiri, sunansa ReSoMal, a ƙarƙashin idon ma'aikaci. Mai tamowa da gudawa ba na jinyar gida ba ne. Haka jaririn da bai kai wata biyu ba, da yaron da ke kashi da jini, da mai zazzaɓi tare da gudawar, musamman da damina lokacin cizon sauro, da wanda zawonsa ya kai kwana 14. In kuma kashin ya zo fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ga manya ma suna kamuwa a unguwa, a tuna da kwalara. Mutanen yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ba su manta da ta 2010 ba, kuma duk shekarar da Logon da Shari suka yi ambaliya a Yagwa da Kusuri da Injamena, rijiyoyi da masai sukan haɗu.

Yanzu ga ruwan kansa. Me ya sa gishiri da sukari, kuma me ya sa awo? A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, su biyun suke wucewa a haɗe, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini. Gudawa, har da ta kwalara, ba ta rufe wannan ƙofar. Wannan ne sirrin duka. A 1971, wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan ƙari na jijiya ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, sai ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a manyan durom ana ba mutane da kofi, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Fakitin da ake bayarwa yau a asibitocinmu, wanda Faransanci ke kira SRO, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma ORS, gari ne giram 20.5 na lita ɗaya: gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, sauran kuma fotasiyam da sitiret ne, waɗanda ke mayar da abin da zawo ya kwashe.

An auna wannan ne yadda ruwan zai fi jini tsinkewa kaɗan, don hanji ya tsotse shi cikin sauƙi. To dubi abin da ƙanwata ta yi. Kofinta bai wuce rubu'in lita ba. Garin lita ɗaya a rubu'in lita ya ninka ƙarfi sau huɗu. Sinadarin gishirin da ya kamata ya tsaya a awo 75 ya koma 300, alhali na jinin yaro yana wajen 140. Irin wannan ruwa in ya shiga hanji, maimakon ya ba jiki ruwa, janyo na jiki yake yi zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Gishirin da ya shiga jini kuma ya riƙa zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa. Yaron zai yi ƙishirwa ta fitar hankali, ya yi ta kuka mai tsini, daga baya jijjiga ta zo, sai a ce iska ce ta taɓa shi. Wannan kuskure ya fi kowanne ba ni tsoro, domin uwa ce ke ba da shi da hannunta tana ganin magani take bayarwa. Yawan ruwa fiye da ƙima shi ma kuskure ne, yana rage amfanin haɗin, amma bai kai ƙarancin ruwa haɗari ba.

Saboda haka aiki na farko shi ne sanin lita. A karanta bayan fakitin, domin akwai na lita ɗaya, akwai kuma ƙanana na rabin lita ko ƙasa da haka. Sannan a nemi mazubin da aka tabbatar da girmansa. Babbar gorar ruwan kanti da muka saba gani lita ɗaya da rabi ce, ba lita ɗaya ba, mutane da yawa ba su lura. A duba rubutun jikinta. Mafi sauƙi shi ne ƙaramar gora mai rabin lita, a cika ta sau biyu. In an auna sau ɗaya a wani kwano ko jug mai murfi, a yi masa alama da wuƙa a daidai inda ruwan ya tsaya, an huta har abada. A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwan, a bar shi ya huce, sannan a auna litar, domin tafasa na rage shi. A juye garin duka, kada a raba fakiti a ce rabi yau rabi gobe, ba za a iya raba shi daidai da ido ba. A motsa har ya narke, a rufe. Ba a tafasa shi bayan an haɗa, ba a ƙara masa sukari ko madara ko lemo don yaro ya so shi. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo, ko da rabi ne ya saura. Asarar fakiti ba komai ba ce.

In dare ya yi babu fakiti, ko ana ƙauyen da ke nesa da asibiti, ana haɗa na gida: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kowane cokali a shafe bakinsa da bayan wuƙa, kada a yi masa tozo. Cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, wanda ya fi aminci shi ne cokalin da ke zuwa cikin kwalin maganin yara na ruwa, mai mililita 5. In sukarin mai ƙwaya ne a daka shi a auna da cokali, don ƙwayoyin sun bambanta. Gishirin kuma na miya nake nufi, ba kanwa ba, ba manda ba. Kafin a ba yaro uwa ta ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. In ya fi, a zubar a sake. A kula ƙwarai kada a juya awon, gishiri shida sukari rabi, wannan guba ce. Ra'ayina dai, na gida na tsallake dare ne kawai. Ba shi da fotasiyam, kuma kowane awo na hannu ƙofar kuskure ce. Gidan da ke da ƙaramin yaro ya kamata a samu fakiti biyu ko uku a ajiye cikin gwangwani, tun kafin bukata ta taso.

Mu koma kan ɗan ƙanwata. Yana rigima, idonsa ya zurma a faɗar uwarsa, yana wawurar cokali, fatar cikinsa na komawa a hankali amma ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Bushewa matsakaiciya ke nan. Katin awonsa ya nuna kilo 8 a watan da ya gabata. Lissafin wannan mataki shi ne mililita 75 ga kowane kilo, a shanye cikin awa huɗu. Takwas sau 75 ya ba da 600. In aka raba wa awa huɗu, 150 ke nan kowace awa, wato cokali mai mililita 5 sau talatin, cokali ɗaya duk minti biyu. Mun haɗa sabuwar lita, muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa don ma'aikaciyar jinya ta duba shi ta kuma sa ido, domin wannan matakin ya fi kyau a yi shi a gabansu. Can ƙanwata ta zauna a benci da yaro a cinya, kansa a ɗage, agogon waya a gabanta.

Bayan kamar minti arba'in ya yi amai. Nan ne iyaye da yawa ke sarewa, su ce ba ya zama a cikinsa. Ba duka yake fitowa ba, abin da ya zauna ya fi abin da ya fito. Aka dakata minti goma, aka ci gaba a hankali, cokali ɗaya duk minti uku, daga baya aka koma yadda ake. Duk lokacin da ya nemi nono aka ba shi, ba a tsayar da nono saboda SRO. Ba a zuba shi a kwalbar shayarwa ba, domin da ita yaro mai ƙishirwa kan zuƙa da yawa lokaci guda ya amayar, ga wahalar wankewa. Ma'aikaciyar ta riƙa duba fatar idonsa, don in ta kumbura alama ce ruwan ya isa, sai a tsaya a koma nono da ruwa zalla. Wajen awa ta uku ya yi fitsari ya jiƙa mata zane, ta ɗago kai tana murna kamar an yi mata kyauta. Da awa huɗu suka cika, fatar cikin na komawa nan take, ya daina wawura, ya yi barci irin wanda in an taɓa shi yake ture hannu.

Gudawar ba ta tsaya a ranar ba, kuma nan ma akwai rashin fahimta. SRO ba ya tsayar da zawo, mayar da ruwa yake yi. Uwar da ta ɗauka zai tsayar, in ta ga kashi na ci gaba sai ta ce bai yi aiki ba, ta tafi wajen mai tallan magani ya ba ta kafso ko maganin ɗaure ciki. Maganin ɗaure ciki haɗari ne ga ƙananan yara, yana iya tsayar da motsin hanji ciki ya kumbura, kafso kuma ba ya taɓa ƙwayoyin da ke haddasa yawancin zawon yara. Lemon kwalba da shayi mai zaƙi su ma ƙara zawon suke, sukarinsu ya yi yawa, gishiri babu. Abin da ke rage kwanakin gudawa da gaske shi ne ƙwayar zink, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa da SRO tun 2004: miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14, a narka a cokalin nono ko ruwa. Ana cika kwanakin ko da zawo ya tsaya a rana ta uku, domin yana kare yaro daga komowar ciwon har wata biyu zuwa uku.

A gida aka ci gaba da awon bayan kowane kashi. Ga wanda bai kai shekara biyu ba mililita 50 zuwa 100 ne, cokali goma zuwa ashirin ke nan, wanda ya wuce shekara biyu kuma 100 zuwa 200. Goggo ta so a hana shi abinci don ciki ya huta, na ce mata hanjin da ke samun abinci ya fi saurin warkewa, ta yarda aka dama masa kunun gero mai kauri da ƙullin gyaɗa, aka marmasa masa ayaba, kaɗan-kaɗan sau shida a yini. A rana ta huɗu kashin ya fara kama jiki. Ƙanwata ta ci gaba da ƙara masa ciyarwa ɗaya a kan abin da ya saba har mako biyu don ya mayar da naman da ya zube, kwalin zink kuma yana kan taga, tana yin alama da gawayi a bango kowace safiya har ta cika goma sha huɗu.